Ƙarar muƙamuƙi, sagewarsa da ciwonsa: abin da za ka yi a gida kafin ka ga likitan haƙori

Tambayoyi uku ake yawan yi mini a kan muƙamuƙi. Wani ya ce duk lokacin da ya buɗe baki sai ya ji "ƙwas" a gaban kunnensa. Wata ta ce ta tashi da safe bakinta ya ƙi buɗuwa, ko cokali da ƙyar yake shiga. Wani kuma ciwo ne yake damunsa a kunci da gefen goshi, ya sha maganin kunne, ya ɗiga na ɗigawa, har an cire masa haƙori, ciwon bai tafi ba. Yawancin waɗannan daga wuri guda suke fitowa, wato gaɓar da ta haɗa muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai, da tsokokin da ke motsa ta. Mafi yawan masu wannan matsala suna samun sauƙi ba tare da tiyata ko cire haƙori ba, idan suka hutar da gaɓar yadda ya kamata. Amma akwai 'yan kaɗan da jinkiri zai cutar da su, shi ya sa mataki na farko shi ne ka tabbatar ba ka cikinsu.

1. Fara da tantance abin da ba a jinyarsa a gida

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya same ka, ka bar sauran bayanin, ka nufi asibiti a ranar.

Baki ya tsaya a buɗe ya ƙi rufuwa, yawanci bayan doguwar hamma ko dariya, miyau yana zuba, magana ba ta fita daidai. Wannan gocewar gaɓa ce, kan ƙashin ya wuce gurbinsa ya maƙale a gaba. Likita yakan mayar da shi da hannu cikin ɗan lokaci, amma duk awar da aka ƙara tsokoki suna ƙara ɗaurewa, aikin yana ƙara wuya. Kada a mari mutum, kada a doke masa haɓa wai don ta koma. Ana iya karya ƙashin ta haka.

Baki ya sage tare da kumburi a kunci ko ƙarƙashin haɓa, da zazzaɓi, da wahalar haɗiya. Wannan sau da yawa ruɓaɓɓen haƙori ne ya yi ƙurji, ko dasashin da ke kan haƙorin ƙarshe na ƙasa ya kamu. Idan kumburin ya sauko wuya, ko numfashi ya fara wuya, abin gaggawa ne na rai da mutuwa, kuma gashi da ruwan zafi ba ya maganinsa.

Baki ya sage kwanaki bayan taka ƙusa, ko sara, ko wani rauni da ƙasa ta shiga, wuya ya sandare, jiki yana fizga. A yi tunanin tetanus, wadda takan fara da sarƙe haƙora. Haka nan idan muƙamuƙi ko harshe ko wuya ya karkace jim kaɗan bayan shan maganin amai ko maganin taɓin hankali, a koma asibiti da kwalin maganin a hannu, akwai allurar da ke warware shi.

An faɗi a kan haɓa, ko an yi hatsarin babur, ko an sha naushi, kuma tun daga nan haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa yadda suka saba. Wuyan ƙashin da ke gaban kunne siriri ne, yana karyewa ko da fata ba ta fashe ba. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne. A kan yara abin ya fi tsanani: yaron da ya faɗi a kan haɓa aka ƙyale shi, gaɓar tana iya haɗewa a hankali, bayan shekaru a ga baki ba ya buɗuwa kuma haɓar ba ta girma ba.

Saura biyu da ba su da alaƙa da haƙori. Ciwon muƙamuƙi da ya zo tare da nauyin ƙirji, gumi, haki ko ciwon hannun hagu yana iya zama daga zuciya. Sannan wanda ya haura shekara 50, ya fara sabon ciwon kai a gefen goshi, muƙamuƙi yana gajiya da zafi in ya fara tauna, gani yana dishewa, ya ga likita a ranar, domin idonsa yana cikin haɗari.

Idan babu ko ɗaya daga ciki, ci gaba da matakan da ke ƙasa, ka gwada su na mako biyu.

2. Gano inda ciwon yake

Kayan aikin ba su da yawa: madubi, rula irin ta 'yan makaranta, tawul ƙarami, ruwan ɗumi, takarda da biro. Wanke hannu, ka zauna gaban madubi.

Ɗora ɗan yatsa a gaban ƙofar kunne, hagu da dama, ka buɗe baki a hankali. Za ka ji wani dunƙulen ƙashi yana gangarawa gaba. Gaɓar ke nan. Danna ta kaɗan. Idan nan ne zafin yake, a wuri guda da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, to gaɓar ce ke ciwo.

Yanzu cije haƙora, ka taɓa kuncinka wajen kusurwar muƙamuƙi. Naman da ya taso ya yi tauri shi ne babbar tsokar tauna. Sassauta, ka danna shi a wurare daban-daban. Yi haka a gefen goshi, sama da kunne, inda wata tsokar take. Idan dannawar ta tayar da ainihin ciwon da ka saba ji, ko ta harba shi zuwa kunne ko turamen haƙora, to ciwon tsoka ne. Shi ne ya fi yawa, kuma shi ya fi jin magani a gida. Mai irinsa ba ya nuna wurin da yatsa, tafin hannu yake ɗorawa a kunci gaba ɗaya ya ce "duk nan".

Ciwon haƙori yana da nasa alamun. Ruwan sanyi ko shayi mai zafi ko abu mai zaƙi yana tayar da shi, yana zuga da dare ya hana barci, kuma in ka ƙwanƙwasa haƙorin da bayan cokali za ka gane shi. Ciwon kunne na gaske kuwa yakan zo da raguwar ji ko fitar ruwa. Idan alamun haƙori ka samu, kada ka ɓata mako biyu kana gashi, je a duba haƙorin.

Gargaɗi a nan: kada ka je ka nemi a cire maka haƙori don kawai ciwon yana kusa da shi. Tsokar kunci tana aika ciwo zuwa turamen da lafiyarsu ƙalau. In aka cire, ciwon yana nan, ga kuma giɓi da zai sa ka koma tauna a ɓangare ɗaya.

3. Auna buɗewar baki, ka rubuta

Buɗe baki iya inda ba ka jin zafi, ka ɗora rula daga bakin haƙoran gaba na ƙasa zuwa bakin na sama. Babba mai lafiya yakan buɗe santimita 4 zuwa 5. In babu rula, jera yatsunka uku, manuni da na tsakiya da na zobe, a tsaye tsakanin haƙoran. Idan sun shiga ba tilas, buɗewarka ta isa. Idan biyu ne kawai ke shiga, ko ƙasa da haka, ta ragu.

Duba madubi kana buɗewa. Haɓa tana sauka a miƙe, ko tana karkata? Wadda ta karkata ta dawo tsakiya bayan an ji ƙara daban take da wadda ta karkata gefe guda ta tsaya can.

Rubuta kwanan wata, awon da ka samu, ɓangaren da ke ciwo, lokacin da ya fi tsanani, da makin ciwon daga 0 zuwa 10. Na san mutane suna raina wannan mataki, amma ciwon da ke tafiya yana dawowa yana da wuyar tunawa daidai. Bayan mako biyu takardar ce za ta gaya maka ko ana samun ci gaba, kuma ita likita zai fi amfana da ita.

4. Fahimci irin ƙarar da kake ji

Tsakanin kan ƙashin muƙamuƙi da gurbinsa akwai wani ɗan faifai mai sulɓi, yana zaune a kan ƙashin kamar gammo tsakanin kai da tulu. In ka buɗe baki, tare suke tafiya. A wurin mutane da yawa faifan ya ɗan zame gaba. Idan suka buɗe baki, ƙashin sai ya hau kansa da tsalle, a ji "ƙwas", in sun zo rufewa ya sake sauka, wani lokaci da wata ƙaramar ƙara.

Ƙarar da ba ta zo da ciwo ba, kuma baki yana buɗuwa sosai, ba ta buƙatar magani. Mutane da yawa suna rayuwa da ita shekara da shekaru ba ta zama komai ba. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya riƙa gwada ta, yana buɗe baki yana karkata haɓa sau talatin a yini don ya ji ko tana nan, ko ya nuna wa mutane. Wannan gwajin da kansa yana iya jawo ciwon da babu shi a da. Ka bar ta.

Idan ƙarar ba guda ɗaya ba ce, kamar ana murza yashi take duk lokacin da baki ya motsa, wannan yakan nuna fuskar gaɓar ta fara zaizayewa, irin abin da ke samun gwiwa. An fi ganinsa ga manya. Matakan da ke ƙasa suna taimaka masa, amma ya kamata likita ya gani, musamman in akwai ciwon wasu gaɓoɓin kamar yatsu da wuyan hannu.

Abin da ya fi buƙatar lura shi ne wannan: mutum ya daɗe yana jin ƙara, sai wata rana ƙarar ta ɓace, a lokaci guda kuma baki ya daina buɗuwa fiye da santimita 2 da rabi zuwa 3, haɓa tana karkata zuwa ɓangaren da ke ciwo. Wasu sukan yi murna cewa ƙarar ta tafi. Abin da ya faru shi ne faifan ya tsaya a gaba ya tare hanya, ƙashin ba ya iya hawa kansa kuma. In haka ta faru, gasa wurin minti 15, ka sassauta jiki, ka zame haɓa a hankali zuwa ɓangaren da ba ya ciwo sau kaɗan, sannan ka gwada buɗewa ba ƙarfi. Wani lokaci yakan saki. Idan bai saki cikin kwana ɗaya ko biyu ba, je ga likita, kada ka jira mako biyu. Kada ka sa cokali ko itace ka ɓamɓare bakin, kada ka bari wani ya ja maka.

5. Raba haƙoranka da rana

A ganina wannan shi ne matakin da ya fi kowanne tasiri, kuma shi aka fi tsallakewa, saboda ba a saye shi a kemis. Mutane da yawa sun ɗauka cewa in baki yana rufe, haƙoran sama da na ƙasa a haɗe ya kamata su kasance. Ba haka ba ne. Haƙora suna haɗuwa ne lokacin tauna da haɗiya kawai. A sauran lokaci akwai ɗan fili tsakaninsu. Ko ba ka cije da ƙarfi ba, haɗa su kawai yana sa tsokoki aiki, kuma tsokar da ta yi aiki tun safe har dare ba hutu dole ta yi tsami.

Tsaya yanzu ka duba: haƙoranka a haɗe suke? Ga yadda ake zaman hutu. Leɓɓa a rufe, haƙora a rabe, kan harshe a rufin baki bayan haƙoran gaba, inda yake zuwa in za ka furta "na". Numfashi ta hanci, kafaɗu a sake.

Wahalar ita ce mantuwa, domin cizon yana faruwa ne lokacin da hankali ya tafi wani wuri: tuƙi cikin cunkoso, ɗinki, lissafin kuɗi, duba waya, ɗaukar kaya, ɓacin ran da aka haɗiye. Don haka ka ɗaura binciken a jikin abin da kake yi kullum. Duk kiran salla, duk lokacin da ka ɗauki waya, duk lokacin da ka tsaya a danja, ka tambayi kanka ko a cije kake, ka saki. Wasu sukan manna ɗan guntun takarda a jikin keken ɗinki ko sitiyari. Kwanakin farko za ka yi mamakin yawan lokutan da za ka kama kanka.

A daina waɗannan ma: tagumi, wanda ke tura muƙamuƙi gefe da nauyin kai, matse waya tsakanin kunne da kafaɗa, cizon farce da murfin biro, yanke zare da haƙori, buɗe kwalbar lemo ko yage leda da haƙori. In hamma ta zo, dafa haɓa da hannu ko ka sunkuyar da kai don kada bakin ya wage gaba ɗaya.

6. Sauya abinci na mako biyu

A ajiye cingam gaba ɗaya. A ajiye goro, kilishi, ganda, rake, aya, gasasshiyar masara, ƙuli-ƙuli, ƙanzo, busasshen dabino, goriba, tauna ƙashi, da soyayyen naman layya da ya kwana biyu ya yi tauri. Mai taunar asuwaki na tsawon lokaci ya daka bakinsa ya yi laushi kafin ya sa a baki, ko ya koma buroshi na ɗan lokaci. Goro yana da laifi biyu: taurinsa, da kuma sinadarin da ke cikinsa mai hana barci, wanda ke cikin kofi da shayi ma, kuma yana iya ƙara cizon haƙora da dare. Taba sigari ma haka.

Abin ci bai ƙare ba. Akwai kunu, koko, fate, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, alale, dafaffen ƙwai, dankali, shinkafa da ta nuna sosai, kifi, fura da nono, ayaba, gwanda. Nama a dafa shi ya yi luguf, a yanka ƙanana. A rage girman loma, kuma a daina gatsa da haƙoran gaba, domin gatsar tana tura muƙamuƙi gaba, a yanka da wuƙa ko a gutsura da hannu. A riƙa tauna a ɓangarorin biyu.

Gargaɗi: kada a koma kunu zalla na wata da watanni. Gaɓar da ba ta motsi tana ƙara sagewa, tsoka kuma tana rauni. Ƙa'idar ita ce ka ci abin da ba ya tayar da ciwo, kuma da zarar sauƙi ya samu ka riƙa dawo da abinci mai ɗan tauri kaɗan-kaɗan. Mai ciwon suga ya kula, kada laushin abinci ya kai shi ga yawan kunu mai sukari.

7. Gashi da tausa

Jiƙa tawul a ruwan ɗumi, ka matse, ka gwada a bayan hannu, sannan ka ɗora daga gefen goshi zuwa kusurwar muƙamuƙi. Minti 15, sau biyu ko uku a yini, kana sake jiƙawa in ya huce. Ɗumi ake so, ba zafin da zai ƙona fata ba. Wannan ya fi dacewa da tsamin tsoka.

Idan ciwon sabo ne mai kaifi a kan gaɓar kanta, misali bayan gatsa abu mai tauri, sanyi ya fi a kwana biyun farko. Naɗe ƙanƙara ko ruwan leda mai sanyi a tsumma, ka ɗora minti 10. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye.

Bayan gashi, yi tausa da yatsu biyu ko uku, kana zagayawa a kan tsokar kunci daga ƙashin ƙarƙashin ido zuwa ƙasa, minti biyu, haƙora a rabe. Sannan gefen goshi. In ka sami wani ƙulli mai zafi, danna shi matsakaici ka riƙe kamar daƙiƙa 20. Idan ka ga kana yamutsa fuska, ƙarfin ya yi yawa. Kada a yi tsaga, kada a sa ƙaho a wurin. Jijiyar da ke motsa fuska tana ratsawa ta gaban kunne.

8. Motsa gaɓar a hankali

Fara wannan bayan zafin farko ya ɗan lafa, kamar kwana na uku. Tsaya gaban madubi bayan gashi. Ɗora kan harshe a rufin baki, ka buɗe baki a hankali iya inda harshen bai rabu da wurin ba, ka riƙe daƙiƙa biyar, ka rufe. Haɓa ta sauka a miƙe. Yi sau shida, ka maimaita sau uku zuwa shida a yini. Harshen yana hana ƙashin zamewa gaba, don haka yawanci ba a jin ƙara a wannan motsin. In ka ji ƙara, ka wuce iyaka, rage.

Idan tsamin tsoka ne ya rage buɗewar, bayan mako guda kana iya ƙara miƙewa: buɗe baki iya ƙoƙarinka ba zafi, ka riƙe daƙiƙa 10, sau biyar. Jin ja ba laifi ba ne. Zafi mai kaifi a gaban kunne kuwa alama ce ta a tsaya. Wanda muƙamuƙinsa ya taɓa gocewa kada ya yi wannan miƙewar sam.

9. Magani, in ana buƙata

Ga babba, farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500, bayan kowace awa shida in da buƙata, kada a wuce ƙwaya takwas a yini. Duba maganin mura da kake sha, da yawansu akwai farasitamol a ciki. Idan gaɓar ce ke zafi, ibuprofen miligiram 400 sau uku a yini bayan cin abinci, na kwana biyar zuwa bakwai, yakan fi aiki.

Gargaɗi: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini, da mai asma da irin wannan magani ke tayar masa, kada su sha ibuprofen. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tambayi likita tukuna. Kada a haɗa shi da diclofenac ko piroxicam ko asfirin, dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai ɓarna ga ciki da ƙoda. A guji haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna. Mai azumi ya sha bayan buɗa-baki da bayan sahur, da isasshen ruwa. Tiramadol da maganin barci ba su da gurbi a nan. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma ba ya yi wa ciwon gaɓa ko tsoka komai.

10. Dare

Idan ciwon ya fi tsanani da asuba, ka tashi da muƙamuƙi a gajiye da ciwon gefen goshi, akwai yiwuwar kana gurza haƙora cikin barci. Tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Duba kuma ko bakin haƙora ya shafe, ko akwai shatin haƙora a gefen harshe. Kwanta rigingine ko a gefen da ba ya ciwo, ban da rubda ciki, ban da sa hannu ƙarƙashin kunci. Bar shayi mai kauri da kofi daga la'asar, ka yi gashi na ƙarshe kafin kwanciya. Robar baki irin ta 'yan dambe da ake saya a kanti ba ita ce robar dare da likita ke yi don kare haƙora cikin barci ba. Wadda ba a auna da bakinka ba tana iya ƙara cizon, ko ta sauya yadda haƙora ke haɗuwa.

11. Yadda mako biyun ke kasancewa

A ɗauki misalin tela mai shekara 28, ana saura 'yan makonni Salla, ɗinki ya yi mata yawa. Kuncinta na dama yana ciwo, ya fi tsanani da yamma, akwai ƙara a dama da ta daɗe da ita. An taɓa cire mata turmi a hagu, don haka a dama take tauna, tana cin cingam don kada barci ya ɗauke ta, da haƙori take yanke zare. Ranar farko ta auna santimita 3 da ɗigo 2, makin ciwo 6. Danna kunci ya tayar da ciwon, danna gaban kunne bai yi ba, ruwan sanyi bai taɓa mata haƙori ba. Wannan ya nuna tsoka ce, ƙarar kuma tsohon zamewar faifai ce da ba ita ke ciwon ba.

Ta ajiye cingam, ta rataye almakashi a wuya, ta manna takarda a kan keke, tana gashi safe da dare, ta sha ibuprofen kwana biyar. Abin da ake sa ran gani a mako na farko shi ne ciwon yamma ya ragu, ko da buɗewar ba ta sauya sosai ba. A ƙarshen na biyu, in awon ya kai kusan santimita 4 kuma makin ya sauko 2 ko 3, hanyar ta yi, sai ta ci gaba wasu makonni tana dawo da abinci a hankali. Ƙarar tana iya zama yadda take, wannan ba gazawa ba ce. Za a iya samun ranar da ciwon zai dawo, musamman in ta kwana ɗinki, kuma wannan ba ya nufin a fara daga farko. Amma giɓin hagu yana nan, kuma likita ne zai duba ko akwai abin da ke hana ta tauna a can.

12. Lokacin zuwa likita, da abin da za ka tafi da shi

Je idan mako biyu sun cika babu sauƙi, ko ciwon yana ƙaruwa, ko buɗewar tana raguwa, ko baki yana yawan sarƙewa, ko haɗuwar haƙora ta sauya, ko leɓe da haɓa sun yi sanyi kamar ba naka ba, ko ka ji wani ƙulli a gaban kunne. Fara da likitan haƙori na babban asibitin da ke kusa. In abin ya fi ƙarfinsa zai tura ka sashen tiyatar baki da muƙamuƙi, irin wanda ake da shi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri.

Tafi da takardar awonka da kwalayen duk maganin da kake sha, domin wasu magungunan damuwa suna jawo cizon haƙora. Ta fuskar kuɗi, yawanci kati da ganin likita ne, sai wataƙila hoton da ke nuna haƙora da muƙamuƙi gaba ɗaya. Babban hoto mai tsada da ke nuna faifan ba kowa ke buƙatarsa ba, kada ka je ka yi shi da kanka kafin a duba ka. Idan aka ce a yi maka robar dare, za a ɗauki awon bakinka, kuma za ka koma a daidaita ta, don haka tambayi kuɗin duka tun farko. Kana iya samun turawa sashen gashin ƙashi ma.

Idan aka kawo shawarar goge haƙora don daidaita cizo, ko cire lafiyayyen haƙori, ko tiyata a zuwan farko, nemi a fara gwada hanyoyin da ake iya janyewa na wasu watanni, ko ka ji ta bakin likita na biyu. Kuma duk aikin haƙorin da za a yi maka nan gaba, faɗa wa likita tun kafin ka hau kujera cewa kana da matsalar muƙamuƙi, don ya riƙa ba ka hutu kana rufe baki a tsakiyar aikin.